Daga acaɓa zuwa teburin guga: yadda wani matashi a Idi-Araba ya gwada sana'o'i da jarin naira 64,000

Asalin lamarin: Satumba 2022

Matashin da wannan nazari ya shafa ɗan wani ƙauye ne a jihar Jigawa, yana da shekara 26 a lokacin, kuma ya yi kusan shekara huɗu yana acaɓa tsakanin Idi-Araba da Mushin a Legas. Babur ɗin ba nasa ba ne. Kullum da daddare yana kai wa mai shi balas, abin da ya saura shi ne na abinci da wurin kwana da ɗan abin da yake aika wa matarsa da mahaifiyarsa a gida.

A ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin jihar Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, wato Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland. Ranar 1 ga Satumba aka ƙara huɗu, Kosofe da Oshodi-Isolo da Shomolu da Mushin, kuma wannan na biyu shi ne ya rutsa da shi. Mai babur ya karɓi kayansa ya loda a tirela zuwa Arewa. Abin da ya rage a hannun matashin naira 64,000 ne, kwasar adashin da ya yi a watan Agusta.

Akwai wani lissafi da bai yi ba a lokacin, wanda daga baya ya bayyana a kowane mataki: zamansa a Legas kaɗai yana cin kimanin naira 1,500 a rana, tsakanin abinci da kuɗin makwanci da ruwan wanka da banɗakin haya. Idan babu abin da ke shigowa, jarin zai ƙare cikin kwana 42 ko da bai taɓa shi da sunan kasuwanci ba. Hanyoyin da ke gabansa uku ne, kamar yadda suke gaban mafi yawan 'yan cirani: ya saro kaya ya sayar, ko ya haɗa wani abu da hannunsa ya sayar, ko ya yi wa mutane aiki su biya shi.

Gwajin farko, sarin tumatir: tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba 2022

Ya fara da sari, domin shi ne abin da ya fi gani a wurin 'yan garinsu, kuma yana da sanayya a kasuwar Mile 12 inda motocin kayan gwari suke sauke kaya. Ya sayi baro na hannu a kan 14,000, faranti da leda da sauran tarkace suka ci 2,000, aka bar shi da 48,000 na juyawa.

Lissafin da aka yi masa a baki mai daɗin ji ne. Kwando ɗaya 22,000, ɗan dako da kuɗin mota zuwa Idi-Araba 1,500, tikitin wuri 500, jimla 24,000. Kwandon zai fitar da kashi 60 na naira 500, wato 30,000, ribar 6,000 ke nan a yini. Abin da ya faru da kwandon farko ya sha bamban. Tumatirin da ke fuskar kwando jawur ne mai tauri, amma daga tsakiya zuwa gindi nauyin na sama ya riga ya matse shi, ga kuma tsinken kwandon ya huda na gefe. Da ya tsince, masu kyau suka tashi kashi 42. A ranar farko ya sayar da 26 a kan 500, ya sami 13,000. Washegari sauran 16 sun yi laushi, ya karyar da su a 350, suka kawo 5,600. Fasassun kuwa wata mai sayar da abinci ce ta kwashe su gaba ɗaya a 3,500. Kwandon da ya ci 24,000 ya dawo da 22,100, kuma ya ɗauki kwana biyu, wanda a cikinsu an ci 3,000 daga jarin. Ramin da kwando ɗaya ya bari kusan 5,000 ne.

Ba kowane kwando ne ya yi muni haka ba. Akwai waɗanda suka bar masa dubu biyu ko uku, musamman bayan ya koyi ɗaga kwando ya duba ko gindinsa yana ɗigar ruwa, ya kuma sunsuna ya ji ko akwai tsami. Sai dai akwai abubuwa biyu da ƙwarewar ido ba ta gyara ba. Na farko, bai da wurin zama da aka san shi da shi, kuma dokar jihar ta hana talla a kan manyan tituna, saboda haka yawonsa a lunguna ne inda ciniki ke tafiya a hankali, alhali tumatir ba ya jira. Na biyu, matan da ke sayar da kayan miya a bakin kasuwar Mushin suna haɗa kuɗi su ɗauki kwanduna da yawa a mota ɗaya, sun san dillalai, ana ɗaga musu ƙafa zuwa yamma ko washegari, kuma suna da masu abinci da ke jiran fasasshen tumatir a farashin da aka saba. Shi kuwa kuɗi hannu yake biya, a farashin baƙo. Lokacin ma bai taimake shi ba, domin tumatirin rani na Arewa, mai tauri da jure hanya, sai wajen Disamba zuwa Afrilu yake yawaita.

A ƙarshen Oktoba kuɗin juyawa ya sauko zuwa 21,000, bai kai na kwando ɗaya ba, don haka sarin ya tsaya da kansa.

Gwaji na biyu, kunun aya: Nuwamba 2022 zuwa Fabrairu 2023

Daga nan ya koma ga abin da zai haɗa da kansa, bisa tunanin cewa wanda ya sarrafa kaya shi ne ke cin ribar da ɗan sari ke biya. Ya zaɓi kunun aya saboda ya iya shi tun a gida. Kula ta hannu ta ci 6,000, bokiti da ƙyallen tata 2,000, saura 13,000.

Haɗi ɗaya na gora 40 yana cin 6,200: aya 2,400, dabino 700, kwakwa 500, citta da kanumfari 200, markaɗe 300, ruwa 300, goruna 1,000, ƙanƙara 800. Yana jiƙa ayar tun dare, ya kai markaɗe da asuba, ya tace ya ɗura kafin ƙarfe tara. Gora ɗaya 250, saboda haka in duk sun tafi an sami 10,000, riba 3,800 a kan jarin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kwandon tumatir ba. A takarda wannan ya fi sarin nesa ba kusa ba.

Matsalar tana wurin gora ta 25. Sai ya sayar da 25 kafin ya mayar da kuɗin haɗi, kuma abin da ya kwana ba ya sayuwa, domin kunun aya da zarar sanyi ya sake shi yakan fara tsami cikin 'yan sa'o'i. Alamar ba ta ɓuya: gorar ta kumbura, in an buɗe ta yi huci, kunun ya rabu ruwa sama gari ƙasa. Ba shi da firij, ƙanƙarar kuma zuwa la'asar ta narke. Ranar Juma'a a ƙofar masallaci yakan sayar da duka kafin ƙarfe uku. Sauran ranaku matsakaicin cinikinsa gora 30 ne, wato 7,500, ribar 1,300, abin da bai kai cefanen yininsa ba. Akwai kuma batun yarda, wanda ba ƙaramin abu ba ne a kan abin sha. Matan aure da ke yin kunun a cikin gidajen unguwar suna da firij ko suna haya a na maƙwabta, an san tsabtarsu, yara ne ke zuwa saye har gida. Namijin da ke tura baro da goruna marasa suna sai wanda ƙishi ya kama a hanya ne ke tsayar da shi.

Duk da haka ya lallaɓa har ƙarshen Janairun 2023, lokacin da canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi a faɗin ƙasa. Mai sayen kunun 250 ba shi da ita a aljihu, tiransifa kuma takan maƙale ta yi sa'o'i, ba wanda zai tsaya a rana yana jiran saƙon banki saboda gora ɗaya. A ɗaya gefen, mai injin markaɗe da mai ƙanƙara tsaba suke so, masu na'urar cire kuɗi kuma sun tsawwala lada. Cinikin ya faɗi zuwa gora 15 ko 18, ƙasa da inda ake mayar da uwar kuɗi. A tsakiyar Fabrairu ya daina, yana da 9,000 da baro da kula.

Mako uku a hannun mai wanki: Maris 2023

Wani dattijo ɗan ƙauyensu, wanda ya shekara fiye da ashirin yana wanki da guga a Surulere, yana neman ƙarin hannu saboda azumi ya matso, kuma aikin kayan Sallah kan yi masa yawa. Matashin ya je gaishe shi, ya zayyana masa abin da ya faru, ya ce yana neman rancen da zai koma Mile 12 tunda yanzu tumatirin rani ya shigo.

Dattijon ya ce, "Ɗana, nawa ka zubar a kwata tsakanin tumatir da kunu?"

Ya ce, "Wallahi Kawu, ban ƙirga ba, amma da yawa."

"To ni tun da nake ban taɓa zubar da guga ba. Ranar da ba a kawo kaya ba, ba na hura wuta. Zo ka zauna nan, ka ci abinci, in ba ka dubu ɗaya a rana har ka iya."

Koyon ya fi yadda ya zata wuya. Dutsen guga na gawayi ba shi da maɓallin rage zafi, saboda haka tsarin aiki ne ke maye gurbinsa: ana fara wa da kaya masu kauri irin su shadda da wandon kaki lokacin da garwashi ke ganiyarsa, a koma kan yadi marar nauyi da kayan makaranta in ya fara lafawa, mai santsi irin na roba kuwa sai a ƙarshe, shi ma da farin ƙyalle a sama. Kafin dutse ya hau kayan mutane sai an goga shi a kan tsumma, don a gwada zafi a kuma share toka. Aikin wuya da na aljihu ana guge shi ta baya domin kada zaren ya kwanta ya yi ƙyalli. Gawayin ma ana zaɓa, domin marar nauyi yana tartsatsi, kuma ƙwayar wuta ɗaya ta isa ta huda rigar da ta fi kuɗin aikin wata guda. Shaddar da ke son bugu ba a taɓa ta da dutse, ana kai wa masu bugu ne a ƙara ɗan abu a kan ladansu.

Teburin kansa: Afrilu zuwa Satumba 2023

An fara azumi a ranar 23 ga Maris, kuma a farkon Afrilu, saura kamar mako biyu da rabi a yi Sallah, ya kafa teburinsa a wata rumfa a Idi-Araba, nesa da layukan dattijon don kada su yi rububin gidaje. Ya sayar da baro 10,000, kula 4,000, kuɗinsa ya zama 23,000. Dutse ya ci 4,500, tebur 5,000, bargo da farin ƙyalle 2,000, gawayi 1,500, sitati da leda 1,000. Jimla 14,000, kuma a cikin wannan 11,500 kaya ne da ba sa ƙarewa da yini.

Guga zalla 150 ce kowane ɗaya. A rana mai kyau yana yin 30, wato 4,500, a fitar da gawayi 500 da kuɗin rumfa 300, a bar shi da 3,700. A ranar da aka kawo guda goma kacal yakan sami 1,500, gawayin da ya ƙona bai wuce na 200 ba, ya tashi da 1,000. Tun Satumba ba a taɓa yin rana mai rauni da ta bar masa wani abu ba sai yanzu. Unguwar ta dace da aikin, domin akwai ma'aikatan asibitin koyarwa da ɗalibai da ke buƙatar gogaggun kaya kullum, ga wutar lantarki ba tabbas. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lokacin da litar fetur a Legas ta tashi daga ƙasa da 200 zuwa kusan 500, gidaje da dama suka daina tayar da janareta saboda guga, kayan da ake kawo masa suka ƙaru, ko da yake gawayi ma ya ɗaga.

Aikin yana da nasa raunin. A watan Mayu tartsatsi ya huda wa wata mata leshi, aka daidaita a kan 7,000, ribar kwana biyu. Ya fara karɓar wanki a watan Yuni, daidai lokacin da ruwan sama ya fi yawa a Legas, kaya suka riƙa kwana biyu ba su bushe ba har suna warin danshi, ya koma guga zalla sai kaftani mai sitati. Abin da ya fi cin sa shi ne bashi. Gidaje shida sun ce za su riƙa biya ƙarshen wata, zuwa Yuli yana bin 19,000, kuma wani ɗalibi ya tashi da 4,000 ba a sake ganinsa ba. Daga nan ya sayi littafi, kowane gida da shafinsa, ya mayar da biya mako-mako, wanda ya wuce mako biyu kuwa ba a ba shi sababbin kaya sai ya sauke na baya. Gida biyu sun yi fushi sun tafi.

Iyakar da ba ta da magani ita ce ta hannu. Ko kaya sun cika rumfa, ba ya wuce 40 a yini, kuma ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi babu ko sisi. Zuwa ƙarshen Satumba yana da gidaje 22 da yake zuwa karɓar kaya da kansa, ya koma aika kuɗi gida, ya kuma tara 58,000.

Komawa sari ta wata ƙofar: Oktoba 2023 zuwa Yuni 2024

Matan gidajen da yake kai wa guga, Hausawa da Yarbawa, sun san ɗan Arewa ne mai sanayya a Mile 12, sukan tambaye shi farashin wake da albasa. Bayan cire tallafi kuɗin motar zuwa kasuwar ya sa zuwan mutum ɗaya don ɗan cefane ba ya biya. Wata Hajiya ce ta fara ba shi kuɗi ya sayo mata, ta ƙara masa lada, daga nan ya ga hanya.

Wannan karon ya sa wa kansa sharuɗɗa biyu: ba zai taɓa abin da ke lalacewa cikin mako ba, kuma ba zai sayi abin da ba a riga an nema ba. Ya tsaya kan wake da busasshen barkono da albasa. Daga Litinin zuwa Alhamis, yayin karɓa da mayar da guga, yana rubuta masu so, kowa ya ba da rabin kuɗi, ranar Asabar da asuba ya tafi kasuwa.

Buhun wake na farko ya tsaya masa 62,000, dako da mota 3,000. Bayan an sheƙe an tsince, ya fitar da robar fenti 26, wadda ita ce ma'aunin da matan Legas suka saba da shi. Ya sa 2,900 kowace roba, alhali a shagunan unguwa 3,200 ce. An riga an nemi 20, kafin alƙalamin da ya karɓa 29,000, saboda haka kuɗinsa da ya shiga 36,000 ne kawai. Zuwa yammacin Lahadi an biya cikon 29,000, sauran roba shida suka tafi cikin mako suka kawo 17,400. Buhun ya dawo da 75,400, riba 10,400, kuma bai rasa aikin guga ba sai na rabin yini.

Tuntuɓen da ya yi a nan na farashi ne. A watannin Janairu da Fabrairun 2024 darajar naira ta faɗi ƙwarai, har dala ta haura 1,500, kayan abinci suna tashi mako-mako. Ya yanke wa mutane farashi ranar Litinin, ya isa kasuwa ranar Asabar ya tarar buhu ya ƙara 9,000, kuma tunda ya riga ya karɓi rabin kuɗi bai iya sake magana ba. Ribar makon ta tafi kusan duka. Bayan haka ya daina faɗin farashi sai daren Juma'a, bayan ya kira dillalinsa, ya tura wa kowa ta WhatsApp, wanda bai gamsu ba a mayar masa da kuɗinsa. Ya kuma fara auna riba da kuɗin buhu na gaba maimakon na wanda ya wuce, domin ya lura yana iya cin riba a littafi amma kuɗin hannunsa ya kasa sayen irin buhun da ya sayar. Sau ɗaya kuma ya ɗauki buhu biyu don arha, na biyun ya yi mako uku a rumfa mai danshi, ƙwari suka huda shi, ya sayar da ragi.

A ƙarshen Yuni 2024 yana da kimanin 190,000 na juyawa, gidaje 31, da wani yaro ɗan garinsu da ya koya wa guga, suna raba ladan kayan da yaron ya goge gida biyu.

Hukunci

Ba za a ce sari ne marar kyau ba, tunda shi ne ya karya shi a 2022 kuma shi ne ya fi ba shi riba a kan kowace sa'a a 2024. Abin da ya bambanta shi ne wanda ke ɗauke da asara kafin a sami mai saye. A tumatir ya sa rabin kuɗin juyawarsa a kan kayan da ke mutuwa cikin kwana biyu, ba tare da sanin wanda zai saya ba. A wake ya san masu sayen kashi uku cikin huɗu na buhu tun kafin ya fita, da kuɗinsu ya cika nasa, kuma abin da ya rage yana iya jiran mako guda.

Kunun aya ya fi duka kyau a lissafin riba, kuma a ganina nan ne ya fi yaudara, domin ribar ta dogara ga firij da sunan da aka yarda da shi, abubuwa biyu da 13,000 ba ta saye. Matar da ke da su a cikin gidanta za ta ci riba da irin wannan haɗin a irin wannan farashin.

Guga ta yi aiki ne saboda kashe kuɗinta yana bin bayan ciniki, kuma kayan aikinta suna nan ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Ita ce kuma ta shigar da shi gidaje 22 sau biyu a mako, har mata suka yarda su ba shi kuɗi kafin su ga kaya. Sai dai bai kamata a manta da abin da ya samu kyauta ba: dattijon da ya ciyar da shi mako uku ya koya masa, unguwa mai ma'aikata da ƙarancin wuta, da Sallah da ta zo daidai lokacin buɗe teburinsa. Wanda ya kafa irin wannan tebur a layin da ke samun wuta sosai, ko inda masu guga uku suka riga shi, da wuya ya ga guda 30 a rana. Shi kansa har yanzu rumfar ba tasa ba ce, babu takarda tsakaninsa da mai wurin, kuma a watan Mayun 2024 an ƙara masa kuɗinta daga 300 zuwa 500 a rana.